Na dawo da Habibu daga kabari, amma sai da na yi mako uku ina fama da layi ɗaya

'Yan'uwa masu koyon rubutun shiri mai dogon zango, daren jiya na kammala kashi na 21, kuma Habibu ya dawo. Wallahi da na ajiye biro sai da na tashi na zagaya tsakar gida don murna.

Waɗanda ke bin ɗan shirin namu sun san na kashe shi a kashi na 9, ba don labari ya buƙata ba. Yaron da ke fitowa a matsayinsa ne ya sami aiki a wani gari. Yanzu ya dawo gida, masu kallo kuma tun ranar ba su daina tambayarsa ba, har adadinsu ya ragu. Abin da ke tayar da matattu a manyan shirye-shirye ke nan ma. A Dallas ta Amurka, Patrick Duffy ya bar shirin a 1985, aka sa mota ta buge Bobby Ewing ya mutu a gadon asibiti, iyalinsa na tsaye a kansa. Kasuwar shirin ta yi sanyi, aka lallaso shi ya dawo a 1986. To amma kowa ya ga fitar ransa, babu ƙofa ko ɗaya. Sai aka nuna tsohuwar matarsa Pam ta farka ta same shi yana wanka, aka ce duk zangon da ya wuce mafarki ta yi. Kashi 31 suka tashi a banza.

Na gwada wannan hanyar, ban kai shafi biyu ba na yaga. In na ce mafarki ne, auren Zulai matar Habibu na biyu ya rushe, rabon gado ya rushe, kukan da mahaifiyarsa ta yi, wanda shi ne mafi kyawun abin da muka taɓa ɗauka, ya zama wasa da hankalin mutane. Ko a can ma abin ya bar baya da ƙura: a Knots Landing, shirin da ya tsiro daga Dallas, ɗan'uwan Bobby ya riga ya yi makokinsa, sai suka ci gaba da labarinsu a kan ya mutu.

Sai na koma na zauna da mutuwar da aka bar wa ƙofa. A Neighbours ta Ostareliya, Harold Bishop ya ɓace a bakin teku a 1991, matarsa Madge ba ta tsinci komai ba sai tabaransa a kan duwatsu. Ba gawa, don haka dawowarsa a 1996 ba ta ƙaryata abin da ido ya gani ba. Aka ce jirgin masunta ya tsamo shi, ya manta ko shi wane ne. Wadda ta fi kusa da tawa ita ce ta Den Watts a EastEnders ta Birtaniya. An harbe shi a bakin ruwa a 1989, amma ba a nuna fuskarsa a mace ba. Bayan shekara guda aka tsamo wata gawa da ta lalace, 'yarsa Sharon ta shaida ta da zobensa. A 2003 ya dawo, aka ce gawar wani ce, shi ya gudu Sifaniya ne don tsira daga 'yan dabar da ke farautarsa. Daga nan na gane tambaya uku ce ke jiran duk mai wannan aiki: gawar wa aka binne, ina ya shiga, me ya hana shi aiko da saƙo.

Ni ma ruwa na yi amfani da shi. Kwale-kwalen da Habibu ke tuƙawa ya kife ranar kasuwa, bayan kwana uku aka tsamo gawa ta kumbura, da zoben azurfarsa a yatsa, aka yi mata sutura a bakin kogi. Na ɗauka na tsira. Da na sake kallon kashi na 10 sai gabana ya faɗi. Inna ta riƙe hannun yayansa Sale tana cewa, "Ka tabbata shi ne?" Ni da hannuna na rubuta masa amsa: "Inna, na ga fuskarsa. Ni na sa shi a kabari." Wannan layin ne ya hana ni barci. Kun san labarinmu ba irin na Turawa ba ne da za a kawo akwati a rufe. A wurinmu dangi ke wanka, su ke sa likkafani, su ke shiga kabari. Mai kallo Bahaushe da ya ji yaya ya ce ya ga fuskar ƙaninsa, magana ta ƙare.

Na yi tunanin ɗan tagwaye, amma ina Inna za ta haifi biyu ta manta? Na yi tunanin mantuwa, sai na lura tambaya ta uku kawai take amsawa, ba ta taɓa layin Sale ba. Ga shi masu kallon shirye-shiryen Indiya sun ƙoshi da ita tun dawowar Mihir a Kyunki Saas Bhi Kabhi Bahu Thi. Na ma so in yanke layin daga tsohon kashin, mai tace mana hoto ya ce, "Malam, mutane sun sauke shi a wayoyinsu, ka bar shi."

Mafita ta zo ranar da na daina neman goge layin na tambayi kaina: in Sale ƙarya ya yi fa? Na mayar da hoton baya sau shida. Ashe mai fitowa a Sale, da yake faɗin layin, ƙasa yake kallo, bai dubi Inna ba. Ranar ɗauka mantuwar layi ce ta sa shi sunkuyawa, yau ta zama hujjata. Sale bai ga fuska ba, don babu fuskar gani. Ya faɗa ne don uwarsa ta daina zaman bakin kogi tana jira. Sauran tambayoyi biyun kuma suka warware tare: Habibu ne ya yi lodin da ya wuce kima, mutane suka mutu ta dalilinsa, ya fita a can ƙasan kogi da rai, kunya da tsoron dangin mamatan suka hana shi waiwayo. Da hankalinsa ya yi shiru, shekara biyu. Wannan ya fi mantuwa zafi, don yanzu Zulai tana da ikon ƙin yafe masa.

Zoben ne ya ci kuɗi. Dole a ga yadda ya koma hannun wani, in ba haka ba za a ce na ƙirƙiro ne da rana tsaka. Muka koma bakin kogi muka ɗauki fitowa ɗaya ta waiwaye, inda yake cire shi ya ba yaron jirginsa jinginar bashin mai. Hayar kwale-kwale da kuɗin mota suka lashe naira dubu 38 a kan daƙiƙa 40, daga aljihuna. Har yanzu in na tuna sai na ji a ƙirji. Amma ya biya, don yanzu akwai wata uwar da ba ta san ɗanta ne ke kwance a kabarin Habibu ba.

Ban mayar da komai yadda yake ba. Zulai ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, ta yi aure, tana goyo. Gonar an raba, Sale ya sayar da kasonsa. A fitowar ƙarshe Habibu ya yi sallama a ƙofar gida da magariba, Inna na alwala, butar ta suɓuce daga hannunta, ba ta amsa ba. Ranar Asabar zan zauna da malaminmu a kan matsayin auren Zulai kafin in taɓa kashi na 22, don wannan ba wurin da zan rubuta da ka ba ne.