Godiya daga gidan amarya, da labarin hashtag ɗin da ya ba mu wuya

Alhamdu lillahi, an ɗaura, an kai ƙanwata ɗakinta a Maraɗi, baƙi kuma duk sun koma gida lafiya. A madadin iyayenmu na nan Zariya ina miƙa godiya ga surukanmu da suka ƙetaro ta Jibiya da ƙafafunsu, da gwaggonni da innoni da suka kwana a bakin murhu, da ƙawayen amarya. Allah Ya bar zumunci, Ya saka wa kowa da alheri.

Godiya ta musamman ga ƙanin ango, wanda da shi muka haɗa sanarwar da kuka gani. Da yawa kun tambaye ni yadda muka yi, to ga shi, har da inda muka yi tuntuɓe.

Ba mu saka komai a waya ba sai da goro da alawa suka gama zaga dangi. Hajiya ce ta kafa wannan sharaɗi, ta ce, “Ranar da Baffanku ya ji auren ɗiyarsa a Facebook, ku za ku je ba shi haƙuri, ba ni ba.” Bayan nan muka rubuta sanarwa guda ɗaya tal: sunan gidajen biyu, sunan ango da amarya, rana, lokaci da masallacin da za a ɗaura. Gida biyu, rubutu ɗaya, kuma muka sake shi a dare ɗaya bayan isha'i. Dalili kuwa, in kowane gida ya rubuta nasa, sai ka ga wannan ya ce ƙarfe 11, wancan ya ce bayan Juma'a, jama'a su rasa na kamawa. Adireshin gida da lambar waya ba mu saka ba, wanda aka gayyata an tura masa ta WhatsApp.

Hashtag ɗin ne ya sha mana kai. Na farko da na kawo, ina ta jin daɗi, shi ne #MunZama'YanUwa. Da na wallafa na latsa shi, sai ya kai ni #MunZama kawai. Ashe ɗan waƙafin saman nan da ke gaban Y yanke hashtag yake yi, kamar yadda tazara ko aya ke yanke shi. Duk mai suna irin Asma'u ko Sa'adatu ta lura da wannan tun kafin a buga kati.

Sai muka koma #ZariyaDaMaraɗi. Wannan ya latsu lafiya, amma kwana uku da sakinsa ƙanin ango ya kira ni, ya ce, “Yaya, hotunan namu sun rabu gida huɗu fa.” Na duba, haka ne. Waya ba ta ɗaukar ɗ mai ƙugiya da d marar ƙugiya a matsayin baƙi ɗaya, kuma mutane da yawa ba su da ƙugiya a allon rubutun wayarsu. Ga kuma masu rubuta Zaria da masu rubuta Zariya. Biyu sau biyu, huɗu ke nan, kowane da shafinsa daban. Ni mai son a rubuta Hausa daidai ce, amma a nan dole na sauko.

Wanda muka tsaya a kai shi ne #ZazzauKatsina25, tunda mutanen Maraɗi Katsinawa ne tun asali, kuma surukanmu sun ji daɗin hakan ƙwarai. Babu ƙugiya, babu waƙafi, kowa iri ɗaya yake rubuta kalmomin biyu. Manyan baƙaƙen don sauƙin karatu ne kawai, ko da ƙanana aka rubuta wuri ɗaya zai kai ka. Lambar shekara muka liƙa don kada mu cakuɗe da zancen wasu. Kafin mu sake shi kuma sai da muka bincika shi a Instagram da Facebook muka ga ba kowa a kai.

Ƙawayen amarya da ke cewa sun saka amma ba su ga nasu ba: in shafinki na Instagram a kulle yake, hotonki ba zai fito wa jama'a a ƙarƙashin hashtag ba, na status ɗin WhatsApp kuwa ado ne kawai, ba ya latsuwa. Ku turo mini kai tsaye. Hotunan kamu da na wuni dama amarya ta roƙa kada a saka su a fili, kuma kun kiyaye, na gode. Wanda har yanzu nasa ke ƙarƙashin mai ƙugiya, don Allah ya gyara rubutun ya sa sabon, ina so in tattara su kafin mu je ganin ɗaki ranar Asabar.