Sai na rubuta dalili kafin in danna suna

Na daɗe ina buga wasannin binciken kisan kai a waya a nan Birnin Kebbi, kuma yawancinsu hali ɗaya gare su. Za a sa ka neman mabuɗi da zobe a cikin ɗaki mai tarkace, daga ƙarshe a jero maka mutum uku a ce zaɓi mai laifi. Ka taɓa na farko a ce a'a, ka taɓa na biyu a ce ka ci. Akwai wani da na bi har babin ƙarshe, sai aka fito da wani direba da ba a taɓa nuna fuskarsa ba, wai shi ya yi kisan. Ranar raina ya ɓaci sosai, don duk tunanin da na kwana ina yi an mayar da shi aikin banza.

Wanda ya nuna mini yadda alama ta gaskiya take shi ne Return of the Obra Dinn, wanda Lucas Pope ya fitar a 2018. A kwamfutar cinya muka buga shi ni da ƙanena, da daddare in an kawo wuta, da littafin rubutu a gefe. Labarin wani jirgin ruwan fatauci ne na Ingila da ya ɓace a 1803 da mutum 60, ya sake bayyana a 1807 babu mai rai a ciki. Kai ma'aikacin inshora ne, aikinka ka faɗi sunan kowa da abin da ya same shi, in kashe shi aka yi kuma wa ya kashe shi. An ba ka jerin sunaye da muƙamin kowa da ƙasarsa, da zanen fuskokinsu, da wani agogon aljihu wanda in ka tsaya kan gawa zai jiyar da kai maganganun ƙarshe, sannan ya nuna maka lokacin mutuwar a daskare, ka zagaya ka duba son ranka.

Ga misali daga farkon wasan, don kada in ɓata wa mai niyyar bugawa. Kyaftin ya buɗe ƙofa ya harbe wani mutum, ba wanda ya ambaci sunan mamacin. Can gaba kaɗan sai ka ji kyaftin ɗin yana yi wa gawar matarsa magana, yana kiranta Abigail, yana gaya mata ya harbe ɗan'uwanta. Ƙanena ya ce, "Yaya, buɗe jerin nan." Muka tarar an rubuta Abigail Hoscut Witterel, kyaftin kuma Robert Witterel ne, ga kuma William Hoscut, mataimakinsa na ɗaya. Shi ke nan. Ba wanda ya faɗa mana amsa, amma abu uku ne a gabanmu da za mu iya nunawa da yatsa: harbin da muka gani, maganar da muka ji, da sunan mahaifi da ya haɗa mutum biyu. Tun daga nan na ɗauki wannan a matsayin ma'auni. In wasa ya bayyana mai laifi, ina tambayar kaina ko zan iya komawa baya in nuna inda aka ajiye hujjar tun kafin a faɗa. In sai bayan an faɗi sunan ne wata wasiƙa ta faɗo daga sama, to an cuce ni.

Inda na fi jin daɗinsa shi ne batun Sinawa huɗu masu hawa ƙololuwar jirgi su gyara manyan tufafin da iska ke turawa. Aikinsu ɗaya, ƙasarsu ɗaya, kuma da wuya ka ji an kira ɗayansu da suna. Suna huɗu a kan fuska huɗu ana iya jera su ta hanya 24. Mun tsaya cak a nan, har ƙanena ya ce mai wasan ya manta da su ne. Ashe a babi na biyu, inda ciwon ƙirji ya kama wasu, ma'aikata suna barci cikin shimfiɗunsu na rataye, kuma kowace shimfiɗa da lamba a jikinta, lambar nan ita ce ta mutumin a jerin sunaye. Fuskokin a rufe suke, amma ƙafafu sun leƙo. Muka zana takalmin kowa a littafi da lambarsa, muka bi sauran wuraren muna kallon ƙasa maimakon fuska, ɗaya bayan ɗaya suka fito. Alamar ƙarama ce ƙwarai, amma tana nan a fili tun ranar da muka fara wucewa ta wurin. Wahala daban, rashin adalci daban, kuma wannan wahala ce kawai.

Wasan ma yana gaya maka lokacin da ya gama ba ka haƙƙinka. Fuskar mutum a zane tana nan dishi-dishi har sai an nuna maka abin da ya isa ka gane shi, sannan ta washe. In ta washe ba ka gane ba, ka san aikin yana wuyanka, sai ka koma ka sake dubawa.

Abu na biyu da nake gwadawa yanzu a kowane sabon wasa shi ne in ba da amsar da na san ƙarya ce da gangan, in ga me zai yi. In ya ce "ba daidai ba, sake zaɓa" nan take, to canki-canka zai kai ni ƙarshe ba tare da tunani ba. Obra Dinn shiru yake yi, ba ya tabbatar da komai sai ka cika mutum uku daidai. The Case of the Golden Idol na 2022 kuwa jimloli yake ba ka masu gurabe ka cike da kalmomin da ka tsinto, in kuskurenka bai wuce biyu ba ya sanar da kai, amma ba ya nuna maka gurbin. Duk da haka dabarar ukun tana da ɓaraka: in kana da biyu da ka tabbatar, kana iya juya sunaye a kan na ukun har ya kama. Saboda haka muka kafa doka tsakaninmu, ba mai danna suna sai ya rubuta dalilinsa a littafi, ɗayan ya karanta ya yarda.

Akwai wurin da adalcin wasan bai iso gare mu sosai ba, kuma ya kamata mai saye ya sani. Wasu alamun sun dogara ne da karin harshe da kayan sarki na ma'aikatan jirgin ruwan Turawa. Bature zai ji muryar ɗan Sikotilan ya bambanta ta da ta ɗan Ailan kamar yadda mu muke jin Basakkwace ya buɗe baki mu san ba Bakano ba ne. Mu kuwa duk Turanci ne a kunnenmu. Abin da ya cece mu shi ne sau da yawa akan ajiye hanya ta biyu: wa mutumin ke tsayawa kusa da shi a zane, wane ɗaki yake shiga, wa yake yi wa hidima. Shi ya sa kafin in kashe kuɗina ko datata a kan wasan bincike, nakan kalli mintocin farkonsa a bidiyo in duba ko ana rubuta duk maganar da aka yi, ko ana barin mutum ya koma ya sake kallon abin da ya wuce, da ko hujjar tana cikin wasan ne ko tana cikin al'adar waɗanda suka ƙirƙire shi.