Takardar buɗe salon da ta rufewa: abinda na koya wajen rubuta ta

Shekara ta biyar kenan ina riƙe da salon na mata anan Damagaram, wajen Sabon Gari, kitso muke da wankin kai da lalle, yara uku ne ke aiki tare dani. Na daɗe ina ganin indai ina shagon komai na tafiya daidai, ranar da na fita kuma sai abinda Allah yayi. Na ɗauka matsalar yaran ce, sai da na haihu na zauna gida kwana arba'in sannan na gane cewa duk tsarin shagon a cikin kaina yake, babu inda aka rubuta shi, kowace yarinya kuma da abinda ta tsinta daga kallona take aiki.

Abinda ya tada ni tsaye wata Hajiya ce da ta daɗe tana zuwa wurinmu, ta zo barka har gida, bayan an gaisa sai tace "ƙanwata, zan faɗa miki wata magana kar ki ji haushi, ranar da na kai ɗiyata kitso da idona naga gashin wata a cikin shatar da aka ɗauko za'a sa mata." Wallahi ranar ban iya cin abinci ba, don na san abinda shata ɗaya ke iya ɗaukowa daga wannan kai ta kai wancan, kwarkwata da makero, kuma a garin nan magana ɗaya a wurin biki ta isa ta kashe maka shago.

Ina komawa na sayi kaye da bik na rubuta takarda ta farko, layi wajen 30, na liƙa a bango ina jin na gama da matsala. Sati biyu babu abinda ya canza. Layin da na rubuta akan shata cewa yayi "a tsaftace kayan aiki", kuma da na tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya ko sun yi, kowacce tace tayi, kuma ba ƙarya suke ba. Babbar ta wanke da ruwa da omo, ta tsakiyar ta goge da tawul, ƙaramar kuwa cire gashin kawai tayi da yatsa ta jera su da kyau a cikin kwando. Duk ukun a wurinsu tsafta ce. Anan na gane laifin na rubutuna ne, kalmar "tsafta" ba aiki bace da za'a iya dubawa ace anyi ko ba'a yi ba.

Sai na zauna na fasa wannan layi guda zuwa abinda hannu zai yi a zahiri, kuma na je wurin wata yayata da ke aikin jinya ta nuna min yadda suke haɗa ruwan jabel. Abinda tace shine ana son ruwan ya zama kashi 0.5 cikin ɗari na kilor, kuma lissafin ya danganta da ƙarfin jabel ɗin da ka saya, sai ka duba jikin kwalba. Wanda muke saya an rubuta 2.6 a jikinsa, to shi kofi 1 na jabel ake zubawa cikin kofi 4 na ruwa. In ka samu mai ƙarfin 3.6 to kofi 6 na ruwa zaka sa. Ta ƙara ja min kunne akan abu uku da ban sani ba. Dole a fara cire gashi a wanke shata da sabulu kafin a tsoma, saboda man kitso da datti suna kashe ƙarfin jabel, in ka jefa shata da maikonta kamar baka yi komai ba. Minti 10 ake bari ba fiye ba, musamman almakashi da tsinken kitso na ƙarfe, in sun daɗe tsatsa suke yi, mun taɓa asarar almakashi biyu masu kyau haka don an barsu sun kwana ciki. Kuma ruwan baya kwana, kullum da safe sabo ake haɗawa, da zafin garin nan na bazara ma ƙarfinsa saurin fita yake.

Yanzu a takardar safe layin ya koma haka: a zubar da ruwan jabel na jiya in an manta, a haɗa sabo da kofin shuɗi, 1 da 4, a cikin roba mai murfi. Kofin nan na ɗaure shi da zare a jikin robar don kar ya tafi wurin shan ruwa. A takardar yamma kuma: a cire gashi, a wanke da sabulu, a tsoma minti 10 da agogon waya, a ɗauraye, a shanya, a ƙirga shata 12. Ƙirgan nan ba don rowa bane, in aka samu 11 to akwai ɗaya da ta ɓuya ƙarƙashin kujera ko cikin aljihun wata bata shiga ruwan ba, kuma ita ce gobe da safe za'a ɗauka a sa a kan yarinyar mutane. Reza kuwa bata cikin wanki sam, kowace mace sabuwa, an gama a jefa cikin gwangwani mai murfi.

Abu na biyu wuta ce ta koya min, saura kaɗan ta koya min da tsada. A takarda ta farko na rubuta "a kashe komai kafin a tafi". Wata rana da magariba an ɗauke kuran, shago duhu, ƙaramar ce ke rufewa, ta duba da fitilar waya taga babu abinda ke aiki, fanka tsaye, kask shiru, ta sa alama ta kulle ta tafi. Ashe ƙarfen miƙe gashi yana jone yana kwance akan tawul. Cikin dare kuran ya dawo. Da safe da babbar ta buɗe ƙauri ne ya tarbe ta, tawul ya ƙone yayi baƙi, saman tebur ya narke, ga meshi na roba rataye ba nisa, Allah ne kawai ya kiyaye mu da masu shagunan da ke jikinmu.

Ban yiwa yarinyar faɗa ba don abinda na rubuta shi tayi, komai a kashe ta gani. Lokacin da babu wuta ido baya bambance abinda aka kashe da abinda wutar ce kawai ta tafi ta barshi. Sai na goge kalmar "kashe" gaba ɗaya na rubuta "a zare waya daga bango", kuma na lissafa su da suna, kask, ƙarfen miƙe gashi, na'urar busar da gashi ta hannu, butar dafa ruwa. Na buga ƙusa huɗu a bango kusa da ƙofa, kowace waya da aka zare sai a rataye kanta a ƙusa, mai rufewa kafin ta ja ƙofa zata shafa da hannu taji kai 4. Ko a duhu ana iya wannan.

Daga nan ne ma na sake jera takardar gaba ɗaya. Da, yadda abu ya faɗo min a rai haka na rubuta shi, sai ka ga yarinya ta je bayan shago ta dawo ƙofa ta sake komawa baya, dole ta tsallake wani abu. Yanzu takardar rufewa tafiya ce guda, daga wurin wankin kai a can ciki, a biyo ta madubi, a zo tebur na kuɗi, a ƙare a ƙusoshi da kwaɗo. Ta safe kuma daga ƙofa take farawa ta shige ciki, sai dai layi ɗaya da na ɗauko daga ciki na sa shi na farko, wato duba ruwa. Kowa ya san halin ruwa a Zinder, famfo na iya yin shiru ba sallama, kuma in baka kira mai garuwa tun ƙarfe 8 ba to sai ka jira ya gama da gidaje. Layin yace bido 4 na lita 25 su kasance cike, in basu kai ba a kira shi kafin a taɓa tsintsiya. An taɓa barin wata mata da shamfu a kai ana yawon neman ruwa maƙwabta, bana son in sake ganin wannan.

Layi 30 ɗin nan ma na rage su, safe 9 yamma 11. Duk abinda ba kullum ake yinsa ba na cire shi na kai wata takarda ta ranar Alhamis, ranar da nake shiga kasuwar Dole sayen meshi da man kitso da lalle. Shara da goge madubi na barsu layi ɗaya don babu wadda ke mantawa dasu, sai dai lokacin hunturu da nake ƙara rubuta "goge ƙura sau biyu" da fensir a gefe.

Maganar kuɗi gajera ce amma ta kashe mana zargi da yawa. Jaka 5 na canji ke kwana a akwati. Da yamma mai rufewa zata haɗa abinda aka rubuta a kaye, misali jaka 23 sun shigo, an kashe jaka 2 a ruwa da sabulu, to jaka 26 ya kamata a gani, ta rubuta abinda ta ƙirga ko da bai kai ba. Yawanci in an samu giɓi bashi ne wata ta ci aka manta rubutawa, kuma a daren ake tunawa, in aka bari sai bayan kwana uku babu mai tunawa sai kallon juna.

Ƙaramar bata yi nisa a lakwal ba, karatun takardar na mata wuya kuma kunya ta hanata faɗa, na daɗe ban lura ba sai da naga kullum alamominta a jere suke tsaf kamar an ja su lokaci ɗaya. Na kira ta gefe nace "ƙanwata, karanta min layi na biyar", ta sunkuyar da kai tace "Tanti, ni dai ina sa alama ne in na gama duka." Raina ya sosu sosai, don wata uku ina auna ta da abinda bata iya karantawa. Sai muka zauna da babbar ta zana ƙaramin hoto gaban kowane layi, kofi, shata, bido, ƙusa, kwaɗo, ni kuma na karanta takardar duka da murya na tura mata a WhatsApp, sati ɗaya tana rufewa da wayar a kunne.

Ni ma ranar da nake rufewa ina ɗaukar bik in bi layi layi in sa suna a ƙasa kamar kowa, kuma sau biyu babbar ta kama ni da safe na bar butar ruwa a jone. Abinda har yanzu ban samo kansa ba shine satin sallah, lokacin da muke kaiwa ƙarfe 2 na dare mata na jiran layi har waje, babu mai ƙarfin bin layi 11 a wannan lokacin. Sallar da ta wuce na zagaye guda uku da jan bik, shata, ƙusoshi, kwaɗo, nace waɗannan ko ana barci a tsaye sai anyi su, sauran mai buɗewa ta ƙarasa da safe. Na kuma ƙaro shata 12 don a samu na canji yayin da wasu ke cikin ruwa, amma ranar jajibere sai da suka ƙare mana wajen ƙarfe 11, muka tsayar da kitso minti 20 ana wanki mata na ta ƙorafi.