Lamba ɗaya tak ta ja min asarar kuɗin rajistar estanal

Duk wanda zai yi rajistar WAEC ta estanal, wadda muke ce ma GCE, ya dubi Allah kar ya tashi daga kujerar kafe sai ya karanta sunan kowane darasi da lambarsa da idonsa. Ina faɗa ne da zafi don har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ni darasi ɗaya ne ya hana ni ruwa gudu. Rizal ɗina na makaranta akwai kiredit a Turanci da Lissafi da Adabin Turanci da sauransu, Government ce kawai na samu D7, kuma kimiyyar siyasa nake nema, inda nake so ba sa ɗauka sai da kiredit a Government ko History. Tunda sun yarda a haɗa rizal na zama biyu, lissafina mai sauƙi ne, in sayi fom, in zuba duk ƙarfina a kan Government, in haɗa da tsohon rizal a wuce wajen.

Maganar NIN da hoto da dangwala yatsa duk ba su ba ni wahala ba, kowa ya san wannan. Wajen zaɓen darussa ne aka yi ɓarnar. Yaron kafen ya miƙo min takarda ya ce "Yayana rubuta sabjet ɗinka a nan", na rubuta a taƙaice yadda muka saba, Eng, Maths, Lit, Gov, layi kuma ya yi tsawo a bayana kowa na ƙorafi saboda an kusa rufewa. Shi da ya zo shigarwa sai ya danna Geography. Ko rubutun ya karanta Geo, ko hannunsa ne ya zame, Allah masani, amma duk wanda ya ga jerin zai gane yadda abin ke faruwa cikin sauƙi, don sunayen biyu duk da G suka fara, suna maƙwabtaka, lambobinsu ma a jere suke:

```
204  Geography
205  Government
```

Bambancin 4 da 5 ke nan. Ya juyo min da allon kwamfutar ya ce in duba, na duba sunana da ranar haihuwa da hotona saboda su kowa ke ta gargaɗi a kai, darussan kuwa ƙirga su kawai na yi na ga adadin ya cika. To ai dole adadi ya cika, tunda wani darasi ne ya zauna a gurbin wani, ba ɓacewa ya yi ba.

Haka na koma na duƙufa, tsarin mulkin Clifford na 1922, na Richards na 1946, Macpherson 1951, Lyttelton 1954, na haddace su har ina yi wa ƙannena bita da daddare. Kuɗin lesin ma na biya. Duk wannan karatun ina yin sa ne a kan darasin da babu sunana a ciki.

Sai da jarrabawa ta matso na je fitar da fotokad, na zauna da biro zan yi wa ranakuna alama a jadawali. A jadawalin 'yan estanal lambar kowace takarda tana farawa da PC, sai lambobi uku na darasin, sai lamba ta ƙarshe da ke nuna takarda ta nawa ce. Wato PC2051 Government ce ta zaɓi-ka-cike, PC2052 ta rubutu. Ina bin kati ina bin jadawali sai na ga abin da ke jikin katina yana kai ni ranar da ake takardu har uku, da wata ta uku mai aikin taswira. Government kuwa takardu biyu ne kawai, ba ta da ta uku. Nan gabana ya faɗi. Na sake duba katin da kyau, Geography ce zaune ɓaro-ɓaro.

Na koma kafen, yaron ya ce "Wallahi yayana abin da ka rubuta na sa", takardar kuwa an daɗe da yar da ita, ba ni da hujjar komai. Ko da akwai hujjar ma me za ta yi min? Shafin rajista an riga an rufe shi. Na bi ta ofis, ma'aikacin ya saurare ni da mutunci ya ce lokacin gyara ya wuce. Wasu abokai suka ce in shiga aji kawai ranar Government in karɓi takarda in rubuta, kar kowa ya bi wannan shawarar, sunanka ba ya cikin takardar halartar darasin, an kuma tanadi kayan kowace santa ne bisa abin da aka yi rajista, kana iya ja wa sauran rizal ɗinka matsala a banza.

Abin da ya fi ƙona min rai, da ranar da aka yi rajistar na kai takardar gida na karanta a natse, da tun ranar na gano kuskuren. Takardar tana cikin ambulan tun ranar, a ajiye, da Geography a jikinta.

Da na sake sayen fom a zango na gaba, wanda ake yi a farkon shekara, salo ya canza. Na fara buɗe ƙasidar JAMB na tabbatar da darussan da kwas ɗina yake buƙata, sannan na rubuta kowane darasi da cikakken sunansa da manyan baƙi, lambarsa a gefe, babu sauran Gov ko Lit. Na yi kwafi biyu na riƙe ɗaya. Lambobin daga jadawalin hukumar na wannan zangon na kwafo su, ban yarda da wanda ake turawa a guruf ba, don wani jerin na NECO ne kuma lambobinsu daban suke da na WAEC. Na je da sassafe tun ana sauran makonni a rufe, na ja kujera na zauna kusa da mai shigarwar, yana dannawa ina karantawa da ƙarfi, kafin ya tura na ɗauki hoton allon da waya, aka buga takarda na sake bi layi-layi a gabansa, a gida kuma na ba yayata ta karanto min ina duba nawa kwafin.

Ba Geography da Government kaɗai ke da wannan tarkon ba. Further Mathematics 401 ce, General Mathematics 402. Biology 504, Chemistry 505. Commerce 103, Financial Accounting 104. In darasin da ya dawo da kai estanal yana cikin irin waɗannan, a kansa za ka fara ɗora yatsa tun kafin ka dubi hotonka. Ranar jarrabawa ma kafin ka rubuta komai duba sunan darasi da lambar da ke jikin takardar tambaya ko allon da ke gabanka, su dace da na katinka, in ba su dace ba ɗaga hannu nan take ka gaya wa mai sa ido.

Government ɗin ta fito da kiredit alhamdulillah, sai dai admishan na waccan shekarar ya riga ya wuce ni, kuɗin fom na farko da na lesin kuma ba wanda ya dawo min da ko sisi.