Harafin ƙarshe: yadda muke fama da Latin ɗin lauyoyi a ofishinmu

Mu huɗu ne a ofishin, ni da ma'aikata uku. Sana'armu buga takardun lauyoyi da tace su kafin a sa hannu ko a shigar kotu: yarjejeniyoyi, takardun rantsuwa, rubutaccen jawabin lauya, wani lokaci har da wasiyya. Ni ba lauya ba ce, kuma wannan shi ne abu na farko da nake faɗa wa duk wanda ya fara aiki da mu. Kuskuren harafi namu ne, mu gyara shi ba tare da mun tambayi kowa ba. Abin da ya taɓa ma'ana kuwa sai dai mu ja layi, mu rubuta tambaya a gefe, mu mayar wa mai takarda. Kalmomin Latin su ne suka fi ba mu wahala, domin a kan iyakar nan suke zaune. Harafi ɗaya a ƙarshen kalma kan zama kuskuren yatsa yau, gobe ya zama sauyin ma'ana.

Bari in fara da *inter alia*, don babu makon da ba ta zo mana. Kalmomi biyu ne a rabe, babu karan-ɗori a tsakani, kuma *l* ɗaya ce a cikin *alia*. Ma'anarta "daga cikin wasu abubuwa". Muna ganin ta a haɗe wuri ɗaya, muna ganin ta da *l* biyu, amma waɗannan kwamfuta kan ja musu jan layi, ba su cika tserewa ba. Wadda ke tserewa ita ce *inter alias*. Dalili shi ne *alias* kalma ce da Turanci ya riga ya ara, tana nufin sunan ɓoye ko laƙabi, saboda haka manhajar rubutu ta san ta kuma ba ta ƙorafi. Wani lokaci ma ita ce ke "gyara" *alia* ta mayar da ita *alias* ba a tambaye ta ba. Shi ya sa kafin takarda ta fita daga hannunmu, sai an nemi kalmar *alias* a cikinta daga farko har ƙarshe, an duba kowace ɗaya da ido.

Ƙarshen kalmar yana da aiki. A Latin, *alia* jam'i ne na abubuwa, *alios* kuma jam'i ne na mutane. Idan ana lissafa buƙatun da mai ƙara ya kawo, ko hujjojin da alƙali ya dogara da su, *inter alia* ce. Idan ana cewa wane da wane suna cikin waɗanda aka kai ƙara, daidai shi ne *inter alios*. Gaskiya dai lauyoyi da yawa suna amfani da *alia* har ga mutane, kuma ban taɓa ganin an dawo da takarda saboda haka ba. Ina sa alama a gefe, in bar mai takarda ya zaɓa. Akwai wani dattijon lauya da muke wa aiki wanda ba ya lamuntar haka ko kaɗan, akwai kuma wanda ya ce mini in daina ɓata jan birona a kai. Kowa mun san halinsa.

Inda na fi tsayawa shi ne wurin da aka ajiye kalmar. Aikinta ta sanar da mai karatu cewa jerin da ke tafe bai ƙare ba, akwai saura. A jawabin lauya wannan ba matsala, yana taƙaita hukunci ne. A yarjejeniya kuwa ƙofa ce aka bari a buɗe. Idan sashe ya ce mai haya zai ɗauki nauyin, *inter alia*, gyaran famfo da fenti, to mai gida na iya zuwa gobe da maganar rufi, ya ce ai yana cikin sauran. Lauyan mai gida na iya nufin hakan da gangan. Lauyan mai haya kuwa ya kamata ya tsaya a nan. Sannan akwai jimlar da ke cin karo da kanta, inda za a ce waɗannan kaɗai ne dalilan soke yarjejeniya, a kuma saka *inter alia* a gaban jerin. Ba zai yiwu jeri ya zama a rufe kuma a buɗe a lokaci guda ba. Haka nan idan an sa ta a farko, sannan aka rufe jerin da *etc.*, an faɗi abu ɗaya sau biyu ke nan.

Sai *mutatis mutandis*, wadda ta fi duk sauran cin lokacina. Duka kalmomin biyu da *-is* suke ƙarewa, kuma duka daga aikatau ɗaya suka fito, *mutare*, wato sauyawa. Ta farko tana nufin abin da aka riga aka sauya, ta biyu abin da ya wajaba a sauya. A haɗe: bayan an sauya abin da ya kamata a sauya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne *mutatis mutandi*, babu *s* a ƙarshe, kuma na daɗe da gane inda yake fitowa. Yatsun lauya sun saba da *locus standi* da *ratio decidendi* da *modus operandi*, duk masu ƙarewa da *-ndi*, sai hannu ya bi sabo. Amma ginin ya bambanta. A waɗancan, kalma ta biyu tana bayyana ta farko ne, kamar a ce wurin tsayawa ko dalilin yanke hukunci. A nan kuwa kalmomin biyu tafiya ɗaya suke yi, dole ƙarshensu ya zo iri ɗaya. Akwai kuma *mutantis*, inda *d* ta koma *t*, da masu juya tsarin su fara da *mutandis*. Abin da nake koya wa sabon ma'aikaci shi ne ya tuna *t* kafin *d*, kuma *s* a bayan kowace.

Rubutun shi ne mai sauƙin. Amfanin ne ke da tarko. Lauya kan sa ta don kada ya sake rubuta sashe guda sau biyu, sai ya ce sashe kaza zai yi aiki a nan ma, *mutatis mutandis*. Abin da take iya ɗauka shi ne ƙananan sauye-sauye da kowa zai gane ba gardama, irin su suna da matsayi. Idan sashe na 6 ya ce a aika wa mai karɓar bashi sanarwa a rubuce zuwa adireshinsa, sashe na 14 kuma ya ce haka za a yi wa wanda ya tsaya masa, babu wanda zai rikice. A cire wannan suna, a sa wancan, shi ke nan.

Wata rana aka kawo mana yarjejeniyoyi biyu tsakanin kamfani guda da abokin cinikinsa. Ta farko ta sayar da injina ce. Sashe na 9 a cikinta ya ce mai saye zai duba kaya cikin kwana 7 daga ranar da aka kawo su, ya mayar da mai aibi, mai sayarwa kuma ya musanya cikin kwana 14. Ta biyu ta kula da injinan ce na tsawon shekara, masu gyara suna zuwa duk wata. A cikinta layi ɗaya aka rubuta, cewa sashe na 9 na waccan zai yi aiki a nan *mutatis mutandis*. Haruffan daidai suke, babu abin gyara.

Muna da wani gwaji da muke yi wa duk irin wannan layin. A ɗauki takarda daban, a kwafe sashen da ake nufi, a yi sauye-sauyen da hannu, a ga ko zai karantu. Yarinyar da ke aikin ta fara. Mai saye ya zama mai karɓar aiki, mai sayarwa ya zama mai yin aiki, duk lafiya. Da ta zo kan "ranar da aka kawo kaya" sai ta tsaya. Wace rana ce a aikin da ake yi sau 12 a shekara? Ranar kowace ziyara, ko ranar da aka gama ta ƙarshe? Ta wuce zuwa "ya mayar da mai aibi". Gyaran da aka riga aka yi ba a naɗe shi a mayar. Musanya fa, a sake aikin ne kyauta ko a mayar da kuɗi? Wurare uku ke nan da ba sauyin suna ake bukata ba, sabuwar shawara ake bukata, kuma kowane ɓangare zai cike gurbin da abin da ya fi masa daɗi ranar da rigima ta tashi.

Na kira lauyan. Na ce, "Barista, ranka ya daɗe, na gwada ɗora sashe na 9 a kan ta biyun, wuri uku ya ƙi zama. Kwana 7 ɗin daga yaushe za a fara ƙirga su?" Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Hajiya, turo mini takardar gwajin." Washegari ya dawo da sashe cikakke mai layi biyar: a kai ƙorafi a rubuce cikin kwana 7 daga kowace ziyara, a sake aikin ba tare da ƙarin caji ba cikin kwana 14. Latin ɗin ya fita gaba ɗaya. Ban ce masa ya cire ba, ba hurumina ba ne. Takardar gwajin ce ta nuna masa.

Sauran kalmomin ba sa ɗaukar dogon bayani. Muna da jeri manne a bango kusa da kwamfutoci. *Prima facie* da *e* take ƙarewa, ba *a* ba. *De minimis*, ba *minimus* ba. *Bona fide* siffa ce, ana cewa mai saye *bona fide*, amma idan kyakkyawar niyyar kanta ake nufi, *bona fides* ce, kuma tilo ce duk da *s* ɗin. *Dictum* ɗaya, *dicta* da yawa. A *et al.* ɗigon yana bayan *al* kaɗai, domin ita aka gajarta, *et* cikakkiyar kalma ce.

Batun karkatar da haruffa kuwa ya danganta da tsarin da mai takarda ke bi. Tsarin OSCOLA na Jami'ar Oxford, wato ƙa'idojin kawo madogara a rubutun shari'a, alal misali, ya ce kada a karkatar da kalmomin da suka riga suka zauna a Turancin shari'a, irin su *ultra vires* da *obiter dicta*. Wasu ofisoshin kuma suna son a karkatar da kowace. Ni ba ruwana da wanda aka zaɓa, muddin ba a karkatar a shafi na 2 an miƙe a shafi na 9 ba.

Wasu abokan cinikinmu sun fara rage Latin ɗin da kansu. A Ingila da Wales, tun da sababbin ƙa'idojin shari'ar farar hula suka fara aiki a 1999, bayan rahoton wani babban alƙali, Lord Woolf, an maye gurbin *ex parte* da Turanci mai nufin "ba tare da sanarwa ba". Wannan ya rage mana aiki a wasu takardun. Amma tsofaffin yarjejeniyoyi suna nan, ana kwafo sassansu ana liƙawa a sababbi, da kuskurensu da komai. Makon jiya na tarar da *mutatis mutandi* a takardu uku daga ofishi ɗaya, duka a sashe na 21. Na roƙe su su turo mana uwar takardar da suke kwafowa, mu gyara ta can.