Madaurin agogon da na ƙwace a bakin ƙofa

Shekarata ta biyu ina koyarwa a wata makarantar sakandaren 'yan mata a cikin birnin Kano aka ɗora min duba shigar ɗalibai da safe. Dokarmu a rubuce take a takardar da ake ba iyaye: riga da wando na makaranta, farin hijabi har gwiwa, farar safa, baƙin takalmi. Ba sarƙa, ba awarwaro, ba jan baki, ba jan farce. Ɗan kunne sai barima. An yarda da agogo ɗaya, in dai ba mai haɗuwa da waya ba ne. Ni kuwa a lokacin duk abin da ya ɗauki idona, laifi nake ɗaukarsa.

Wata Litinin wata 'yar SS2 ta ɗaga hannu tana gyara hijabi, sai na hango jan abu a wuyan hannunta. Agogo ne ƙarami na 'yan kuɗi kaɗan, amma madaurinsa jar fata ce da ɗinkin baƙin zare a gefe. Na ce ta cire, ta cire ba musu. Washegari ta same ni a ofishin malamai, ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta miƙo min takardar dokar. Ta ce, "Malama, ki yi haƙuri, na duba ban ga inda aka faɗi launin madauri ba. In kin ce in daina, zan daina." Na karanta sau biyu. Gaskiyarta ce, kuma na ji nauyin abin da na yi mata a gaban ƙawayenta.

Da na zaunar da ita na ji yadda ta yi. Madaurin roba na asali ne ya tsinke, sai ta auna faɗin wurin da yake shiga da rula, milimita 16, ta bi yayanta Kasuwar Kurmi wajen dukawa aka yanka mata daidai. Na farkon bai yi mata daɗi ba: ta yi alwala da shi, jan ya zuba ya ɓata hannun rigarta, fatar kuma ta bushe ta fara tsagewa. A na biyu sai ta tafi da farin ƙyalle, ta jiƙa shi ta goga a fatar kafin ta biya. In ƙyallen ya yi ja, rinin zai zuba. Yanzu tana cire shi ta sa a aljihu kafin alwalar azahar, lokaci-lokaci ta shafa masa ɗan man kaɗanya. Barimarta ma ta azurfa ce, domin na ƙarfen da ake sayarwa a tire suna sa mata ƙaiƙayi har kunnen ya yi ruwa. Duk kwalliyarta ke nan, sai 'yan duwatsu shuɗaye da ta jera da kanta a zif ɗin jakarta. Na mayar mata da agogon.

Abin bai tsaya nan ba. Kafin wata ya ƙare 'yan ajinta sun kwaikwaya, wata kuwa ta zo da barimar zinare ta mahaifiyarta, tana cewa ai ita ma barima ce. Ta cire ta wajen wasanni, ɗaya ta ɓata, aka zargi yarinyar da ke zama kusa da ita, 'yar marasa ƙarfi, ta wuni tana kuka. An tsinci abin a cikin safar mai shi bayan kwana biyu, amma maganar ta riga ta fita.

A nan na gane abin da ya kamata in riƙa dubawa. Kowace doka da dalilinta: jan farce yana hana ruwan alwala taɓa farce, awarwaro ƙara yake yi a aji, ɗan kunne mai lilo yana maƙalewa a hijabi ya yaga kunne. Zinare kuwa shi ne ke nuna 'yar wane da 'yar wane, abin da aka kawo kayan makaranta don a rufe. Jan madaurin nan bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba, kyansa kawai ya tsone min ido.

Na kai maganar taron malamai, aka ƙara layi ɗaya a takardar: ba a zuwa da zinare ko wani abu mai tsada, komai ƙanƙantarsa. Launin madaurin agogo kuwa, na roƙa a bar shi yadda yake, ba a rubuta komai a kansa ba. Ranar da yarinyar ta zo karɓar sakamakonta na kammalawa, madaurin yana hannunta, ya yi duhu saboda man kaɗanya.