Abin da barin aiki a Bauchi ya koya mini

Da a ce kafin 1996 maigida ya samu aikin nan na Gombe, da duk abin da zan faɗa bai taso ba. Lokacin Gombe tana cikin jihar Bauchi, takarda ɗaya za a buga a ce an mayar da ni wani asibiti a can, shi ke nan. Yanzu kuwa jiha biyu ce, kowace da hukumar ma'aikatanta da asusun fanshonta, kuma wannan tafiyar ta kusan kilomita 150 da ake bi ta Alkaleri ta zama iyaka tsakanin shekarun da na yi ina aikin jinya da waɗanda suka rage mini.

Farkon 2023 takardar ɗaukarsa aiki a wata ma'aikatar tarayya ta fito. Ni kuma ina mataki na 9, da shekara tara da wata biyu a bakin aiki. Dangi duka bakinsu ɗaya: ai Gombe nan da nan ce, ki tattara ki bi mijinki. Ba wanda ya tsaya ya lissafa wata goman da suka rage. A tsohon tsarin fansho da muke kai a lokacin, wanda ya ajiye aiki tsakanin shekara biyar da tara garatuti kawai zai samu. Sai ya cika goma cif sannan fansho ya hau kansa, kashi 30 cikin ɗari na albashinsa na ƙarshe, yana ƙaruwa har kashi 80 ga wanda ya yi shekara 35. Ba a fara biyan mai ƙuruciya nan take, sai shekarunsa sun kai, amma haƙƙin ya tabbata. In na tafi a lokacin, shekara tara na zubar saboda wata goma.

Hanyoyin da ke gabana uku ne, kuma kowace sai ta bi ta teburin shugabar sashenmu. Akwai taransfa daga jiha zuwa jiha, wadda sai can sun rubuto sun karɓe ki, nan sun rubuta sun sake ki, sannan a tura tarihin aikinki da shaidar albashinki na ƙarshe. Mu biyun ba 'yan asalin Gombe ba ne, ba mu kuma da wanda zai tsaya mana, don haka wannan ta mutu tun a hanya. Akwai aro, wato a ba da ke ga wata hukuma na wani lokaci sunanki yana nan a gida. Sai hutu ba albashi, wanda shi na nema.

Na rubuta takarda ta hannunta kamar yadda doka ta ce, na haɗa da kwafin takardar aikin maigida da ta aure. Ta karanta, ta sa a aljihun tebur, ta ce: “Ke kaɗai ce mai miji a asibitin nan?” Na ce: “Ranki ya daɗe, ko da ƙi ne a rubuta a kai, ta wuce gaba.” Ta ce za ta duba. Mako ya zama wata. Duk wadda ta yi aikin gwamnati ta san takardar da aka ƙi ta fi wadda aka danne, domin wadda aka ƙi tana da lamba da kwanan wata, kina iya ɗaukaka ƙara. Wadda aka danne kuwa kamar ba a taɓa rubuta ta ba. Da na je rajistiri neman fayil ɗina, ko alamar shigarta babu.

Daga baya ta kira ni gefe cikin fara'a ta ce in tafi abina, za ta riƙa rufa mini, takarda za ta biyo ni. Na taɓa ganin inda irin wannan alherin ya ƙare. Wata abokiyar aikinmu ta tafi a kan maganar baki, albashi yana shiga, sai aka zo tantance ma'aikata. Aka rubuta ta gudu daga aiki, aka ce ta dawo da kuɗin watannin, wadda ta ce mata ta tafi kuwa ta rantse ba ta san zancen ba. Na yi godiya na ce zan jira takarda. Jadawalin wata mai zuwa da ya fito, aikin dare na ƙarshen mako kusan duk sunana ne, ita kuma ta san in maigida ya kama aiki Juma'a da yamma zai riƙa shigowa. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Daren da muka zauna da shi, ban yarda mu tsaya a kan “za mu ga abin da Allah zai yi” ba. Na ɗauko littafin makarantar Amira muka rubuta abin da kowa zai rasa. Nasa: in bai kama aiki a kan lokaci ba gurbin ya tafi, kuma shekara biyun farko na gwaji ne kafin a tabbatar da shi, ba shi da bakin neman alfarma. Nawa: fansho, ƙarin girman da nake jira, adashin da ban kwasa ba, da Inna da nake leƙawa kullum a unguwar Jahun saboda hawan jini. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce: “Maman Amira, ashe naki ya fi nawa yawa.” Na ce ba yawan ne ya dame ni ba, nasa duk mai dawowa ne in an yi haƙuri, nawa kuwa in ya tafi ya tafi.

Muka tsayar cewa zan zauna in cika goma, shi ne zai sha hanya. Ya kama ɗaki ɗaya a Tumfure maimakon gidan da ya so, ya ɗage digirinsa na biyu, ya kuma yi alkawari a gaban Yayana cewa in na dawo Gombe kuɗin karatuna na digirin jinya a kansa yake, kafin nasa. Na nace a yi a gaban Yaya ne don alkawarin cikin ɗaki yana da saurin mantuwa in albashi ya yi gajere. Ba a jima ba aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, kuɗin mota ya tashi, ya ajiye motarsa ya koma shiga ta haya. Wasu makonnin bai zo ba, na kuma yi fushi duk da na san dalili. Yara sun sha zazzaɓi ni kaɗai, ga aikin dare. Hajiyarsa ta yi ta cewa an bar mata ɗa yana cin abincin kasuwa, shi ne ya je da kansa ya yi mata bayani, domin tun farko na ce wannan bayanin ba daga bakina zai fito ba.

Sauran abin da na koya gajeru ne. Kowace takarda ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa a rajistiri kafin ta je teburin kowa. Kada ki ƙaura da yara a tsakiyar zangon karatu. Ki sabunta lasisinki kafin ki bar aiki, lokacin da kike da albashin biya.

Da na cika goma na ba da sanarwar wata uku ta ajiye aiki, wannan karon da hatimi a kwafina. Cikin kwana kaɗan shugabar sashen ta sa hannu, har da addu'a. Yanzu ina wani asibitin kuɗi a Gombe, albashin bai kai na da ba, kuma waɗanda muka shiga aiki tare sun wuce ni da mataki. Mutane suna ta yaba masa cewa ya yi haƙuri da hanya, ya kuwa yi. Ni ba wanda ya yaba mini, tunda mace ce ta bi miji. Kuɗin zangon farko na karatuna dai ya biya, rasit ɗin yana cikin fayil ɗaya da takardar hutun da ba a taɓa amsa mini ba.